Daga Makka zuwa Jidda kullum: na kasa riƙe bakina a wurin aiki

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Makka, aikina yana Jidda, kullum sai na je na dawo. Wata bakwai ke nan. A da ba a san ni da faɗa ba, amma yanzu abu kaɗan sai in hau mutum, har an ba ni inzari ɗaya, wato takardar gargaɗi. Shin hanya ce ta mayar da ni haka, ko halina ne ya lalace? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka mini da shawara."

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sau uku na karanta maganarka, kuma wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don kamar ni na rubuta ta shekarun baya. Halinka bai lalace ba. Mutumin da halinsa ya lalace ba ya zama ya tuhumi kansa. Ka ba ni haƙuri zan tsawaita, abin yana cina har yau.

Ni a Gulail nake da iyalina, aikina a wani sito ne a Khumra. Minti ashirin na isa. Shekara shida ina wurin, ko musu mai ƙarfi ban taɓa yi da kowa ba, har ni ake kira idan direbobin tirela sun kaure da masu lodi. Da rusau ya zo unguwarmu, ba sai na ba ku labari ba, kowa a nan ya san abin da ya gani. Kuɗin haya ya tashi, na zaga Jidda ban sami abin da albashina zai ɗauka ba, sai surukata ta ce mu dawo wurinta a bayan Shara Mansur. Na ce Alhamdu lillahi, ga Harami kusa, hanya kuma ai tafiya ce kawai. A raina na lissafa kuɗin mai, ban lissafa jikina ba.

Ga yadda ranata take, ka gwada da taka. Mu huɗu muke haɗa mota, kowa yana ba mai motar riyal 400 a wata. Basma, wato sa yatsa a na'urar shiga aiki, ƙarfe bakwai. Ina tashi huɗu da kwata. Sai an zaga an ɗauki kowa, wani a Rusaifa, wani can wajen Ka'akiyya, kafin a hau babban titi. A lokacin zafi da sauƙi, don asuba tana yi tun huɗu da 'yan mintuna, ka yi salla ka fita da sarari. Lokacin sanyi ne bala'in: a Janairu sai biyar da rabi ta wuce ake kiran salla, in ka tsaya ka yi ta a unguwa ka fito daidai lokacin da kowa ya fito, ga motocin makaranta, ga manyan motoci a mashigar Jidda. Tafiyar da take awa ɗaya da kwata sai ta koma awa biyu saura. Dawowa kuma mu tashi ƙarfe huɗu, mu faɗa cunkoso, ranar Alhamis ga masu zuwa umra sun cika Shumaisi, sai bayan magariba nake taka ƙofar gida. In ci abinci, in ga yara, in yi isha, wani ya zo gaisuwa, ba na kwanciya sai sha ɗaya da rabi.

Ka lissafa da kanka: daga sha ɗaya da rabi zuwa huɗu da kwata, awa biyar ba ta cika ba. Babban mutum yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Ke nan kullum ina cin bashin awa biyu, kwana shida a mako, awa goma sha biyu. Barcin Juma'a ba ya biyan wannan bashin, sai dai ya rage masa kaifi, ranar Asabar a sake buɗe sabon shafi. Wannan bashin shi ne yake magana da bakinka a wurin aiki. Mutumin da bai ƙoshi da barci ba, abin da yake fara rasawa ba ƙarfin hannu ba ne, don zai iya ɗaukar kwali har yamma. Abin da yake rasawa shi ne ɗan tsaikon nan da ke tsakanin jin magana da mayar da ita. Da, in an gaya mini magana, akwai wani ɗan lokaci da zuciya take cewa bar shi, ba da kai yake ba. Sai na wayi gari wannan lokacin ya ɓace. Kafin in yi tunani na riga na faɗa. Kuma fuskar kowa sai ta koma mini fuskar raini. Mutum ya tambaye ni ina takardar kaya, ni abin da nake ji shi ne yana cewa na ɓatar da ita.

Amma na lura ba tsawon hanyar kaɗai ba ne. Ranar Asabar titi a buɗe yake, kilomita ɗin nan dai su ne, amma ina isa da sauƙin rai. Abin da yake dafa mutum shi ne rashin sanin yaushe zai isa, alhali akwai na'ura tana jiran yatsansa. Kana zaune a bayan mota, ba kai ke tuƙi ba, ba ka da ikon komai, idonka a kan agogo: bakwai saura ashirin, saura kwata, saura goma, layi bai motsa ba. Kafaɗarka ta ɗaure, haƙoranka sun cije, ka riga ka fara faɗa da mushrif, mai kula da ku a wurin aiki, a cikin kanka, ya ce kaza ka ce kaza, tun ba ku haɗu ba. To ka shigo da wannan duka a ƙirji, sai wani bawan Allah ya ce maka "ka makara". Shi kalma biyu ya faɗa. Kai amsar awa guda ka tanada.

Bari in gaya maka ranar da ba na mantawa. Talata ce, cikin sanyi. Tirela ta kife bayan Bahra, aka mayar da titi layi ɗaya. Na sa yatsa bakwai da minti goma sha huɗu. Minti goma sha huɗu, ɗan'uwa. Mushrif ɗinmu, ba zan faɗi sunansa ko ƙasarsu ba, yana zaune a sakan, wato gidan ma'aikatan kamfani, tsakaninsa da sito tafiyar ƙafa ce ta minti biyar. Mutumin nan ya san daga inda nake zuwa. Ya san an rushe gidan da nake. Ni na koya masa tsarin siton lokacin da aka kawo shi, ni na rufa masa asiri da ya sa hannu a kan kaya ba su cika ba, na zauna har dare muka gano inda kwalayen suka shige. Ranar nan ya tsaya a bakin ƙofa, gaban masu lodi, gaban direbobi baƙi, ya ɗaga agogonsa sama ya ce ga mai gida ya iso, a tafa masa. Wasu suka yi dariya. Ya ce in aikin ya fi ƙarfina akwai mutum ɗari a bakin titi, kuma yau sai ya sa an yanke mini yini guda.

Ban san lokacin da na jefar da allon takardun da ke hannuna ba. Na matsa har ƙirjina yana taɓa nasa. Na faɗi maganganu da Larabci da Hausa waɗanda ban taɓa zaton suna cikina ba, har na ambaci iyayensa, Allah Ya yafe mini. Hannuna ya tashi. Wani dattijo Basudane mai gadin ƙofa, Allah Ya saka masa da Aljanna, shi ya riƙe ni ta baya yana cewa ka yi salati ga Annabi, ka yi salati ga Annabi, ka tuna 'ya'yanka. Da hannun nan ya sauka, da yau ba wannan labarin nake ba ku ba. Sashe na 80 na dokar aiki ya ba mai kamfani dama ya kori wanda ya kai hannu ga shugabansa a wurin aiki, ba sanarwa, ba kuɗin sallama. Shekara shida da wani abu da sun tafi a banza, ga igama a hannunsu, ga yara uku a ɗakin surukata.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba shi ba ne ma. Wani ɗan'uwanmu ne, Bahaushe, wanda muke cin tamis da ful a faranti ɗaya kowace safiya. Da aka kira shaidu a ofis, shi ya ce ai dama na daɗe da canzawa, kowa tsorona yake ji, har ya kawo maganar wata rana da na yi masa tsawa a kan motar ɗaga kaya. Gaskiya ne na yi masa tsawar. Amma ya san dalili, ya san ƙarfe nawa nake tashi, sau nawa yana ganina ina gyangyaɗi a kan kwali lokacin hutu. Bai faɗi wannan ba. Daga baya na ji yana so a ba ƙaninsa gurbina. Na yafe masa don Allah, muna gaisawa, amma har yau in na tuna yadda ya sunkuyar da kai yana magana bai dube ni ba, sai in ji wani abu ya tokare ni. Mushrif baƙo ne, ba na jiran komai daga gare shi. Naka shi ne naka.

Na zauna a bayan sito ranar ina kuka kamar yaro, ni da furfura a gemu. Kuma ka san nawa ne abin da na kusa zubar da aikina a kai? Da aka fito da la'ihar kamfani, wato takardar dokokinsa, wadda ban taɓa karantawa ba duk shekarun nan, sai na ga makara da ba ta wuce minti goma sha biyar ba, karon farko gargaɗi ne a rubuce, na biyu kashi biyar cikin ɗari na kuɗin yini, na uku kashi goma. Albashina 2,800 ne, yinina riyal 93 da 'yan kai. Karo na uku ne a gare ni, wato riyal tara. Yinin da ya ce zai yanke, ba shi da ikon yanke shi. Riyal tara, kuɗin shayi da sandawic. Tun ina cikin mota nake ta ƙuna a kan abin da ban san girmansa ba.

Don haka abu na farko, tunda ka ce an ba ka inzari: gobe ka nemi la'ihar kamfaninku ka karanta jadawalin hukunci, in Larabcin ya yi maka nauyi ka sami wanda zai karanta maka. Ka san makarar minti goma nawa ce, ta rabin awa nawa ce. Wallahi ranar da na san farashin makarata, rabin wutar da nake shigowa da ita ta mutu. In layi ya tsaya sai in ce yau riyal tara ce, in jingina kaina. Kuma ka sani ba a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi laifinsa a rubuce an ji ta bakinsa. In an miƙo maka takarda kada ka sa hannu da zafin rai, kada kuma ka yaga ta. Ka karanta, ka rubuta naka bayanin a ƙasa, ka ɗauki hotonta. Inzari na biyu yana zuwa da sauri fiye da na farko, don yanzu ido yana kanka, kuma akwai masu taɓa ka da gangan su ga ko za ka tashi.

Ni dakatar da ni aka yi kwana uku ba albashi. A kwana ukun nan na yi barci kamar wanda aka yi wa allura. Rana ta uku matata ta ce, Abban yara, yau ka dawo mutumin da na sani. A nan na gane a gida ma haka nake. 'Yata ƙarama ta daina rugowa in na shigo, ashe uwar ce take ce musu ku shiga ɗaki Abba ya gaji. Ka tambayi iyalinka, ɗan'uwa, ka ce su gaya maka gaskiya. Wataƙila abin da abokan aikinka suke gani kaɗan ne a kan abin da suke haɗiya.

Yadda za ka gane ko hanya ce: ka sami ƙaramin littafi, mako biyu kawai, ka riƙa rubuta ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, minti nawa ka yi a hanya, da lokacin da ka ji ranka ya ɓaci da wani. Ni da na yi, sai ga shi a fili. Kusan duk rigimata a wuri biyu take: rabin awar farko bayan basma, da kuma daga uku zuwa huɗu, lokacin da na fara tunanin titi sai wani ya kawo tirela a makare ya ce a sauke. Tsakiyar rana lafiya lau nake da kowa. Kuma ranakun Laraba da Alhamis sun fi muni, don bashin ya taru. In naka ya fito haka, hanya ce da barci. In kuwa ka ga ko bayan hutun Idi, ka yi kwanaki kana barci sosai, ran naka yana nan a ɓace, ba ka jin daɗin komai, ko kana kwanciya barcin ya ƙi zuwa, to wannan ya wuce maganar titi, ka ga likita, ba abin kunya ba ne. Ka sa a auna maka hawan jini ma. Nawa ya hau a lokacin ban sani ba, ciwon kai na ƙeya nake ta sha wa magani.

Rabin awar farkon nan, na yi mata doka. In na sa yatsa ba na zuwa wurin kowa. In wuce bayi, in yi alwala da ruwa mai sanyi, in sha ruwa, in ci wani abu ko dabino uku ne, sannan in fito. Da yawanmu muna fita ba karin kumallo, mu zuba shayi mai sukari da lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari a cikin wofi, hannu yana rawa, sannan a ce kada mu yi faɗa. Na kuma gaya wa dattijon nan Basudane da wani yaro ɗaya cewa in sun ga na shigo fuska a ɗaure su ja ni gefe. Duk maganar da za ta iya jira, lissafin kaya da bai daidaita ba, ko wanda ya ajiye abu ba a wurinsa ba, na bar ta sai bayan ƙarfe tara. Abin mamaki, rabinsu kafin tara sun daina zama magana. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, kuma na gwada na ga amfaninsa, amma fa sai ka zauna tun kafin bakin ya buɗe.

Kada ka ce za ka gyara da gudu a titi. Mai motarmu ya gwada, Sahir, kyamarar kama masu gudu, ya ɗauke shi sau biyu a wata ɗaya, abin da ya tara ya tafi, ya dawo yana huce haushi a kanmu, motar ta koma gidan faɗa tun kafin a isa wurin aiki. Kuma in kai ke tuƙi da barcin awa biyar, ina roƙonka don Allah ka daina. Mun taɓa farkawa motarmu tana gogar ƙarfen gefen titi, mai tuƙin idonsa a buɗe amma ba ya nan. Ku riƙa karɓa-karɓa, wanda ke gaba kada ya yi barci. Jirgin ƙasan Haramain yana da daɗi, daga Rusaifa zuwa Sulaimaniyya kamar ƙiftawar ido, amma ga mai albashi irin nawa ba abin hawa kullum ba ne, kuma in ka sauka sai ka sake neman motar da za ta kai ka Khumra.

Abin da ya cece ni a ƙarshe ba dabarar haƙuri ba ce, rage hanyar na yi. Na je wurin mudir, wato manaja, ba mushrif ba, da littafin nan a hannuna, a ranar da na yi barci, na ce ga halin da nake ciki, shekara shida ba ku taɓa samuna da laifi ba, ina neman ɗayan biyu: ko a mayar da lokacin aikina ya fara ƙarfe takwas, ko a ba ni gado a sakan. Ya ƙi na farko, ya ce tireloli da safe suke zuwa. Gado kuma babu. Sai muka haɗu mu biyar muka kama ɗaki a kudancin Jidda, kowa riyal 350. Ka ga har ya fi kuɗin motar sauƙi da hamsin, sai dai abinci ya koma tukunya biyu, nan ne ya ci ni. Ina kwana can Asabar zuwa Laraba, in shiga Makka daren Talata in na samu mota, in dawo gida gaba ɗaya ranar Alhamis. Tafiya goma sha biyu a mako ta koma huɗu, wani makon biyu.

Ba zan ce maka daɗi ne ba. Daren farko a ɗakin nan, na ji muryar yarana a waya, na juya bango na yi shiru don kada 'yan ɗaki su ji. Surukata ta yi fushi, ta ce na mayar da 'yarta matar matafiyi. Wata biyu ana wannan maganar. Amma ina kwanciya goma, in tashi asuba, in koma in ɗan ƙara, in isa aiki bakwai saura kwata da ƙafata a sake. Mushrif ɗin nan bai canza ba ko kaɗan, har ya bar wurin yana jifan mutane da magana. Ni ne na dawo da ɗan tsaikon nan nawa, in ya faɗa sai ta wuce ta gefen kunnena. Na je na ba shi haƙuri a kan iyayensa da na ambata, don wannan hakki ne a kaina ko da shi ya fara. Bai amsa da kyau ba, ya ɗaga kafaɗa kawai. Wannan ma ya yi mini ciwo, na kwana biyu ina jin sa.

In ba za ka iya raba kwana ba, wataƙila uwargida ba ta da lafiya ko akwai tsofaffi a hannunka, to ka ƙwato awa ɗaya daga dare ko ta halin ƙaƙa. Zaman majalisa bayan isha a ranakun aiki ka ajiye shi, mutane za su ce ka yi girman kai, su faɗa. Wayar nan kada ta hau gado da kai. Hutun rabin awar da doka ta ba ka bayan awa biyar na aiki, ka yi salla, ka ci abinci da sauri, ka kwanta minti goma sha biyar ko a kan kwali ne, kada ka wuce ashirin don za ka tashi da nauyin kai. Kuma ka fara shiri tun yanzu saboda Ramadan, don duk da awa shida ake yi, titin Makka da yamma a watan nan sai wanda ya gani, ga tarawihi ga sahur, barcin sai ya koma awa uku. A Ramadan na biyu da na yi ina wannan hanyar, hutuna na shekara na ɗauka a goman ƙarshe.

Ka rubuto mana ƙarfe nawa kake kwanciya, wace unguwa aikin naka yake a Jidda, kuma kai ke tuƙi ko haɗa mota kuke yi. In wajen Khumra ne ko Sina'iyya, akwai gado ɗaya da zai tashi a ɗakinmu ƙarshen wata, wani zai tafi gida. Kuma wanda ka yi wa tsawa na ƙarshe, in ba mugu ba ne, ka same shi gobe bayan azahar ka gaya masa ƙarfe nawa kake tashi.